Birnin da hatsinsa bai kai kwana shida ba

Ranar da na fara karanta wa ƴan ƙungiyarmu babin farko na labarina, ina tsammanin tafi za a yi mini. Wata uku na yi ina gina Masarautar Dagaza a cikin kaye. Na zana mata taswira da bik kala uku: ja na ganuwa, shuɗi na gulbi, baƙi na duwatsu. Na ba birnin ƙofa bakwai da mutum 30,000, na ba Sarki Jatau doki 5,000, na ajiye birnin a bakin hamada don ina son jarumina ya riƙa hawa ganuwa da magariba yana kallon rairayi. Ƙauyuka kuwa goma sha biyu na ɗiga a gefe, kamar yadda ake barbaɗa yaji a kan tsire.

Muna zaune ƙarƙashin dogon yaro, shayi na kan wuta, taswira na yawo hannu zuwa hannu. Da ta kai wurin wata ƴar uwarmu mai karatun aikin gona, sai ta riƙe ta, ta daɗe tana dubawa. Can ta ɗago kai ta ce, "Malam, waɗannan mutanen naka mi suke ci?"

Na ce tuwo mana, da fura.

Ta ce, "Na wane hatsi? Wa ya noma shi? Ta wace ƙofa ya shigo?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma wallahi ta ƙona mini rai. Na ce mata ai labari ne, ba rahoton ma'aikatar gona ba. A hanya ina komawa ɗaki ina ta kare kaina a zuci: wa ya taɓa tambayar abin da Gizo ke nomawa? Sai dai abin ya ƙi barina in yi barci, saboda ni ɗan manomi ne. A ƙauyenmu, wajen Tasawa, babu yaron da bai san yadda fuskar uwarsa ke canzawa ba in ta leƙa rumbu a watan bakwai. Ga ni na rubuta shafi sittin a kan wata ƙasa, ban sa ko mutum ɗaya ya leƙa rumbu ba.

Da safe na tafi Kasuwar Dole wurin kawuna mai sayar da hatsi. Ban gaya masa labari nake rubutawa ba, don zai ce karatun nawa ya koma tatsuniya. Na ce aikin makaranta ne. Na zauna kan buhu ina tambaya yana amsawa yana awo. Tiya ɗaya kilo biyu da rabi ce, kusan tiya arba'in ke cika buhu mai kilo ɗari. Na ce to mutum ɗaya buhu nawa zai ci a shekara? Ya ce, "Ɗana, ya danganta da mutumin, da kuma ko akwai nono da wake a gidan. Amma in ka haɗa babba da yaro ka ba kowa buhu biyu, ba ka zalunce su ba, ba ka kuma shagwaɓa su ba."

Buhu biyu. Da wannan na fara, kuma a kansa duk sauran lissafin ya tsaya. Mutum 30,000 buhu 60,000 ke nan a shekara, wato buhu 164 kowace rana ta Allah, da salla da ba salla.

Sai na juya wajen masu noman. Na ɗauki gida irin namu: baki bakwai, gona hekta huɗu ta jigawa, ba takin zamani, ba garma, sai kalme da hauya. A shekarar da damina ta yi daidai na ba kowace hekta buhu huɗu da rabi, gidan ya tashi da buhu 18. Su da kansu za su ci 14. Iri, da abin da ɓera da gara da ƙwari za su ci a rumbu, da ɗan abin da ake ba maƙeri da wanzami da malami bayan kaka, na ce buhu biyu. Abin da ya rage wanda zai iya barin ƙauyen buhu biyu ne kacal. Gida guda, da wahalarsa ta shekara guda, mutum ɗaya yake iya ciyarwa a birni.

Ƙauyukana goma sha biyu, in kowanne yana da gida arba'in, rararsu duka buhu 960 ce. Na raba da 164. Birnin Dagaza mai ƙofa bakwai zai cinye abincin shekararsa kafin kwana shida. Ranar ta bakwai Sarki Jatau sai ya fara yanka dawakinsa.

Dawakin ma ban sa su a lissafi ba tukuna. Dokin yaƙi ba jaki ba ne da za a sake shi ya nemi kara a juji. Yana ɗaure a turke, ana yanko masa ciyawa, ana ba shi harawa da kanwa, ana kuma auna masa dawa. Ko tiya ɗaya na ba shi a rana, ya ci tiya 365 a shekara, alhali mutum tamanin yake ci. Doki ɗaya bakin mutum huɗu da rabi ne. Dawakina 5,000 suna neman buhu fiye da 45,000, sun kusa kamo dukan mutanen birnin. Tun daga ranar, in na ga hawan salla a gaban fadar Damagaram, ina kallon kwalliyar amma ina jin wani sashe na kaina yana ƙirga tiya.

Kada wani ya ce birni mai mutum 30,000 ba ya yiwuwa a zamanin da. Ya yiwu. Bature Barth da ya shiga Kano a 1851 kusan haka ya ƙiyasta mazaunanta. Amma Kano tana zaune ne a tsakiyar ƙasar noma mai cike da ƙauyuka, ga ruwan sama ya fi namu, ga gonaki har cikin ganuwa. Ni kuwa na ɗauki cikin Kano na ɗora shi a kan ƙafafun ƙauye goma sha biyu a bakin rairayi. Ko dai in kai birnin kudu in rasa hamadata, ko in rage masa ciki. Na zaɓi hamada.

Na mayar da mutanen 12,000, na ce rabinsu manoma ne masu fita gona da safe su dawo kafin a rufe ƙofa, suna ciyar da kansu. Sauran 6,000, fadawa da malamai da marina da dukawa da bayin fada da ƴan kasuwa, su ne sai an kawo musu: buhu 12,000. Dawaki na sauke su zuwa 400, raina bai so ba, suka ƙara buhu 3,650. Jimilla buhu 15,650. Wannan yana neman gida wajen 7,800, ƙauye kusan ɗari biyu. Na kwana biyu ina ɗiga ƙauyuka da bakin fensir. Ban sa wa dukansu suna ba, amma da na gama sai taswirar ta daina kama da zanen yara. Birnin ya koma ɗan ƙaramin abu a tsakiyar tururuwa.

Daga nan ne hanya ta shigo, don hatsi ba ya tashi sama. Jaki na ba shi kilo 75, tiya talatin, mangala biyu. Damina kuwa na cire ta, saboda jakai da masu su suna gona, gulbi ya kawo, hanya ta yi laka. Saura wata takwas, kwana 240. Da na raba, sai na ga kusan jaki casa'in ne za su shiga birnin da kayan hatsi kowace rana. Wannan lambar ita ce ta fara ba ni abin rubutawa. Jaki casa'in suna nufin ƙura a ƙofar kudu tun hantsi. Suna nufin wurin ɗaure jakai, da yaran da ke kwashe kashinsu suna sayar wa masu lambu, da mata masu fura da ke jiran masu jakai da yunwar hanya, da mai gadin ƙofa da ke soka tsinke cikin mangala ya ga ko an ɓoye gishiri a ƙarƙashin hatsi. A babina na farko ƙofofi bakwai ɗin duk iri ɗaya ne, sunansu kawai ya bambanta. Yanzu ƙofar kudu tana warin jaki, ƙofar arewa tana warin raƙumi, kuma mutanen unguwannin biyu ba sa aurar da juna cikin daɗin rai.

Na yi wata dabara da nake ba kowa shawararta. Na sa santimita ɗaya ta zama kilomita goma, na ɗauki zaren ɗinki na ƙulla shi kowace santimita biyu da rabi. Ƙulli ɗaya tafiyar yini ɗaya ce ta jaki mai kaya, kilomita 25. Duk hanyar da zan zana sai na kwantar da zaren a kanta, yana bin lanƙwasar gulbi yana kewaye dutse, sannan in ƙirga ƙulli. Nan na gane jarumina da na sa ya bar birni bayan asuba ya isa Dutsen Mayu kafin la'asar, ƙulli tara ya tsallake. Ko aljani ne ya goya shi sai ya tsaya shan ruwa.

Zaren ya kuma nuna mini iyakar hatsi. Mai jaki uku da ya fito daga ƙulli na huɗu, kwana huɗu zuwa, kwana huɗu komawa, kwana ɗaya a kasuwa. Zai ci, zai ba jakai dusa, zai biya mai masauki, zai biya a ƙofa. Hatsi kaya ne mai nauyi marar tsada, in hanya ta wuce haka riba ta ƙare a cikin jaki. Sai na yi wa birnin da'ira a ƙulli huɗu na ce a shekarar lafiya daga cikin nan abinci ke zuwa. Abin da ke tsallake da'irar shi ne mai tsada a ƙaramin ƙunshi: gishiri, kanwa, tufa ta rini, goro, fata jemammiya. Ba doka ce daga sama ba, ƙa'idar da na ɗora wa ƙasata ce, amma ta ba ni abin da ban nema ba. In farashi ya hau, da'irar tana faɗaɗa. Saboda haka a babi na tara, ba sai wani ya hau mumbari ya ce yunwa na zuwa ba. Wata tsohuwa mai fura a ƙofar kudu ce ta lura masu jakan da ke shigowa bana ba ta san zanen fuskarsu ba, Hausarsu ma wata iri, sun ce kwana goma suka yi a hanya. Ta rufe ƙwaryarta ta koma gida ta ce wa surukarta daga yau a rage awo.

Hanyar arewa kuwa ba nisa ke mulkinta ba, rijiya ce. A nan ba sai na ƙirƙiro komai ba, ƙasarmu ta riga ta yi aikin. Ayarin gishiri na Abzinawa yana tashi bayan damina ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, yana kai hatsi, yana ɗauko kantun gishiri da dabino, sannan ya gangaro kudu ƙasar Hausa. Har ciyawar raƙuma ɗauka suke, suna ajiye dammuna a hanya saboda dawowa, don babu abin kiwo a tsakani. Damargu ta yi suna ne da hatsin da ayari ke saye. Mu da ke Damagaram kuma kullum muna bi ta Zango ba mu tuna cewa sunan unguwar aikinta ne: masaukin ayari, a wajen Birni. Ruwa ma mun san darajarsa, tunda yana cikin dalilan da ake kawowa na ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926, kuma har yau mun san jiran famfo.

A tsohuwar taswirata na ja layi miƙaƙƙe daga Dagaza zuwa ramin gishiri, da rula. Na goge shi. Na fara ɗiga rijiyoyi, sannan na bar hanya ta bi su, ko da za ta yi gwiwar kare. Raƙumi a lokacin sanyi yana jure kwanaki masu yawa babu ruwa, amma mutanen da ke jansa salka suke sha, kuma salka na ƙarewa. Na sa tazarar da ta fi kowace tsawo ta zama kwana biyar, a ƙarshenta kuma na haƙa rijiya ɗaya mai zurfi na sa mata suna Gaba Ashirin.

Sai na zauna lissafin shayarwa, wanda a da ban taɓa tunanin abin lissafi ba ne. Ayari mai raƙumi 500 ya iso da ƙishin kwana biyar. Kowanne ya sha lita 80, lita 40,000 ke nan. Guga ta fata mai lita 40, sa na ja, a zuba a kwami, a mayar: minti uku. Guga dubu, awa hamsin. Ko an kafa wurin ja huɗu a bakin rijiyar sai an wuni an kai dare, in ma rijiyar ba ta ƙafe a tsakani ba an jira ta taru. Ma'ana babu ayarin da zai wuce Gaba Ashirin bai kwana biyu ba. Inda baƙi ɗaruruwa ke kwana biyu kuwa, dole a sami mahauci, da mai gyaran sirdi, da mai saƙa igiya, da dillali, da malamin da ke rubuta laya, da matar da ba a faɗin sana'arta a gaban yara. Gari ya tsiro a wurin da ban yi niyyar sa gari ba. Tare da garin kuma wani mutum ya tsiro, Sarkin Rijiya, wanda ba shi da doki ko hamsin amma Sarki Jatau ba ya iya yi masa tsawa, don in ya ce yau rijiya na gyara, gishirin Dagaza ya tsaya. Shi ne ya zama mugun labarin. Tsohon mugun, wani boka mai jan ido da na kwaso daga finafinai, na sallame shi.

Kuɗin fito ma daga nan ya sami iyaka. Da farko na rubuta cewa ana karɓar kantu ɗaya cikin biyar a Gaba Ashirin, don in nuna zalunci. Amma madugu ba wawa ba ne. Na auna da zare na ga akwai wata hanya ta gabas mai ƙarin kwana huɗu, ruwanta ɗaci, ɓarayi na tare ta. In abin da ake karɓa a rijiya ya fi asarar kwana huɗu da raƙuman da za su faɗi a can, ayari zai kauce, garin ya mutu cikin shekara biyu. To azzalumi mai wayo ba ya kai wa nan. Yana tsayawa dab da inda madugu zai ce gara ɗacin gabas, ya ƙi ƙarasawa. Na mayar da shi ɗaya cikin ashirin, sauran kuma yana tatsa ta hayar guga da ladan dillalai da gaisuwa. Ya fi tsoratarwa a haka, don da murmushi yake tarbar baƙi.

Haraji shi ne inda abin ya daina zama wasa a gare ni. Na tsaya a kan wata tambaya da ta yi kama da ta wauta: me zai sa manomi ya rabu da buhun nan biyu? In an bar shi da son ransa ba zai kai su birni ba. Zai zuba su a rumbun tsimi, don ya san cikin shekara biyar da wuya a rasa guda da ruwa zai ɗauke ko fari su sauka. Kakata har ta rasu tana auna shekaru da yunwa, tana cewa wane an haife shi kafin El Buhari, wance bayanta, wato yunwar 1984. Mutumin da ya ga wannan ba ya sayar da tsiminsa don ya ga birni ya yi kyau. Sai an sa shi. Ashe haraji ba ado ba ne da ake liƙa wa masarauta don ta yi kama da ta gaske. Shi ne igiyar da ke jawo jakan nan casa'in zuwa ƙofar kudu.

Na gwada iri biyu a kan gidan nan mai baki bakwai. Na farko, ɗaya cikin goma na abin da aka girbe, irin ma'aunin zakkar hatsin da ruwan sama ya shayar: dami ɗaya cikin goma, a ƙirga a gona. Daga buhu 18 ya kama kusan biyu, daidai da rarar. Na biyu, kuɗin ƙasa, wuri ƙayyadadde a kan kowane mai gida. Wannan ma ba ni na ƙago shi ba: Barth ya rubuta cewa a Kano mai gida na biyan wuri 2,500, har karofin marina akwai nasa kuɗin. Ni na sa 2,000 a Dagaza. A shekarar lafiya iri biyun kusan ɗaya suke, mutum ya sayar da buhunsa biyu ya biya.

Bambancin yana fitowa ne ran da damina ta gaza. A ce hekta ta ba da buhu uku maimakon huɗu da rabi. Gidan ya tashi da 12, alhali cinsa kaɗai 14 ne. Mai karɓar ɗaya cikin goma zai ɗauki buhu ɗaya da ɗan kai, da ciwo amma ya ragu tare da gonar. Wuri 2,000 kuwa ba ya jin labarin damina. Kuma lokacin karɓarsa bayan kaka ne, sa'ad da kowa ke kai hatsi kasuwa a rana ɗaya, farashi na ƙasa. Mai gida ya sayar da arha ya biya sarki, in watan bakwai ya zo ya koma wurin wanda ya saya a hannunsa ya sayi hatsin nan nasa da tsada, ko ya ci bashi a kan amfanin da bai ma shuka ba. Da na rubuta wannan layin sai na ajiye bik. Ba Dagaza nake rubutawa ba. Na ga babana ya yi haka, ba don sarki ba, don kuɗin magani da na rajistar makarantata. Shekarar da na shiga kolej akuyar innata ce ta cike gibin, kuma ba a taɓa yi mini maganar ba sai da na girma.

Nan labarina ya sami ƙashin baya. Sarki Jatau yana son ƙara doki ɗari biyu, masu kawo dawaki kuwa ba sa karɓar dami. Sai ya soke ɗaya cikin goma ya ɗora wuri. Shekara biyu lafiya lau, fadawa na yi masa kirari. Ta uku ruwa ya ɗauke ana tsakiyar bununi. Babu wanda ya yi tawaye, manoma ba su da lokacin tawaye. Ƙauye ne kawai ake wayar gari a tarar babu kowa, an kwashe har turmi, an tsallaka ƙasar wani sarki mai sauƙin hannu. Kowane kufai buhu tamanin ne da ba za su shiga ƙofar kudu ba baɗi, kuma abin da ya kamata su biya sai a raba wa maƙwabtan da suka rage, su ma su fara duban hanya. Na koma taswira da abin gogewa ina share ɗigo ɗaya bayan ɗaya, babi bayan babi. Ban taɓa jin tausayin ɗigon fensir ba sai ran nan.

Wani ƙaramin abu da ya ba ni dariya a tsakiyar wannan: wuri ma kaya ne. Gida 7,800 sau 2,000 ya haura wuri miliyan goma sha biyar, kuma kowane ɗaya nauyinsa ya ɗan wuce giram. Kuɗin sarki kaɗai sai jaki fiye da ɗari biyu sun ɗauko shi, sai kuma an sami masu zama su ƙirga shi biyar biyar a kan tabarma. Ɓarawon da na sa ya sace harajin lardi guda ya tsere a kan doki ɗaya, dole na nemo masa wata sana'a.

Jarumin ma ya canza. Ɗan sarkin da ke hawa ganuwa yana nan, amma ya koma gefe. Wadda ke riƙe da labarin yanzu ƴar ma'aunin fada ce, yarinyar da ta taso tana ganin ubanta da ƙwarya biyu, babba ta karɓa, ƙarama ta bayarwa, yana kuma tara hannu a bakin ƙwarya in yana karɓa don hatsi ya yi tozo. Wannan kawuna ne ya nuna mini shi da hannunsa, yana dariya, ya ce shi dai ba ya yi. Ita ce ta fara gane rumbunan fada ba za su kai kaka ba, don ita ke share wurin awo.

Akwai inda na wuce gona da iri, gara in faɗa. Da lissafin ya yi mini daɗi sai na cusa shi cikin labarin, har na sa waziri ya tsaya gaban sarki yana karanto buhu da tiya shafi biyu cur. Da na karanta wa ƴan ƙungiya, mai dafa shayi ya yi gyangyaɗi har ruwa ya ƙone. Na cire shi duka. Lambobin suna cikin wani kaye dabam mai baƙin bango, ba mai ganinsu sai ni. Abin da ya shiga labarin shi ne tsohuwa mai fura, da warin ƙofar kudu, da ƙwarya biyu. Kuma ban yi rantsuwa a kan lambobin ba: wani zai ce buhu huɗu da rabi ya yi yawa a jigawar da ta gaji, wani ya ce jakin garinsu ya fi kilo 75. Ku sa naku. Abin da na kiyaye kawai shi ne in na sa lamba a babi na biyu, kada ta canza a babi na goma don jarumata ta sami sauƙi.

Makon jiya na sake kai taswirar ƙarƙashin dogon yaro, ta sha gogewa har takardar ta yi laushi kamar tsumma. Na miƙa wa ƴar uwar nan tamu da kaina, na zauna ina jira. Ta bi hanyar arewa da yatsa, ta tsaya a Gaba Ashirin, ta gyaɗa kai. Ta ƙirga ƙulli huɗu zuwa kudu. Sannan ta ce, "To, sun sami hatsi. Mutum dubu goma sha biyu a bakin hamada, da wane itace za su dafa shi?"

Ban zana ko kurmi ɗaya ba. Na tambayi innata ta waya, ta ce gidanmu dami ɗaya na itace ba ya wuce kwana uku, ko da ana haɗawa da kara da kashin shanu. Gidajen Dagaza sun kai 1,700. Na sayi sabon fensir, kore.